Kwamiti: Abu Ɗaya Ne Ko Mutum Bakwai?

Ɗan yayata ne sakataren kwamitin iyaye da malamai na wata makarantar firamare a unguwarsu. Ba don ya fi kowa Turanci aka ba shi ba, don shi kaɗai ne mai kwamfuta. Wata ranar Asabar ya zo mini da rahoto mai shafi biyu, ya ce shugaban makaranta ya dawo masa da shi har sau biyu. A karo na farko an ja layi ƙarƙashin *has*, an rubuta *have* a kai. Ya je ya gyara ya kawo. A karo na biyu mataimakin shugaba ne ya duba, shi kuma ya soke *have* ya mayar da *has*.

"Kawu," in ji shi, "don Allah wanne ne daidai? Na gaji da kashe kuɗin buga takarda."

Na ce masa dukkansu biyun suna da gaskiya, rahoton kuma duk da haka yana da kuskure. Ya dube ni kamar na ƙara masa kaya. Ban ga laifinsa ba, domin an koya mana a makaranta cewa kowace tambayar nahawu amsa ɗaya gare ta. Wannan ba ta cikinsu.

Kafin mu shiga Turancin, bari mu fara daga gida. Bahaushe yana cewa "jama'a ta taru", yana kuma cewa "jama'a sun taru", kuma babu wanda zai ɗaga masa gira a kan ko wanne. Idan ya ce "ta taru", yana kallon taron ne a dunƙule, kamar wanda ya hau bene ya hango filin Idi. Idan ya ce "sun taru", ya sauko ƙasa yana ganin fuskoki, wannan da rawani, wancan da yaro a kafaɗa. Haka kuma mai ba da labarin ƙwallo zai ce "Kano Pillars ta ci wasa", mai shayi a bakin titi kuwa ya ce "Pillars sun ba ni haushi jiya". Irin waɗannan kalmomi, masu siffar tilo amma cikinsu cike da mutane, su ne malaman nahawun Hausa ke kira suna tattarau: jama'a, ƙungiya, runduna, garke, ayari, iyali. Turanci ma yana da nasa, kuma waɗanda suka fi wahalar da masu rubutu a ofis su ne *committee* da *staff* da *team*, sai ƙannensu irin su *family* da *government* da *board* da *panel*. Jituwar da ake so tsakanin irin wannan suna da aikatau ɗinsa ita ce ɗaliban sakandare ke kira konkod, kuma ba su faɗarta da fara'a.

Akwai bambanci ɗaya tsakanin harsunan biyu da ya kamata a riƙe tun daga farko. A Hausa ba ka da wurin ɓuya. Kowace jimla sai ta tilasta maka zaɓi, ko "ya zauna", ko "ta zauna", ko "sun zauna", a kowane lokaci kuwa, na jiya ko na gobe. Turanci ba haka yake ba. Idan ka rubuta *the committee met*, babu wata alama da ke nuna ko tilo kake nufi ko jam'i. Haka ma *the committee will meet* da *the committee should meet*. Wuraren da asirin marubuci ke tonuwa 'yan kaɗan ne: *is* da *are*, *was* da *were*, *has* da *have*, *does* da *do*, sai kuma harafin *s* da ake liƙa wa aikatau a lokacin yanzu, kamar *meets* da *meet*. Wannan harafin ma shi kansa tarko ne. A jikin suna alamar jam'i ce, a jikin aikatau kuwa alamar tilo ce. Na sha ganin wanda ya rubuta *the members agrees* yana ganin ya kyauta, wai ya ba jam'i jam'insa. Bayan waɗannan sai wakilan suna, wato *it* da *its* a gefe guda, *they* da *their* da *them* a ɗaya gefen. Duk mai duba rubutu, nan zai kafa ido. Sauran jimlar ba ruwanta da wannan rigima.

To me ya sa shugaban makaranta da mataimakinsa suka saɓa? Domin Turawan ma ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Babban littafin nahawun da Randolph Quirk da abokan aikinsa uku suka fitar a 1985 ya bambance jituwa ta siffa da jituwa ta ma'ana. A ta siffa, kalmar kawai ake kallo: *committee* ba ta da *s*, saboda haka tilo ce, aikatau ya bi ta a tilo. A ta ma'ana, abin da ke zuciyar mai magana ake bi: in mutanen da ke cikin kwamitin yake nufi, sai aikatau ya zo a jam'i ko da kalmar tana sanye da rigar tilo. Mutanen Amurka sun fi karkata ga ta siffa, kusan ko da yaushe *the committee is* za ka gani a jaridunsu. Mutanen Birtaniya suna amfani da duka biyun, har ministocinsu a majalisa sun saba cewa *the Government are*, abin da zai sa editan Amurka ya zaro jan biro. Wani masani ɗan ƙasar Sweden, Magnus Levin, ya rubuta littafi sukutum a kan wannan batu a 2001, bayan ya bi rubuce-rubuce da maganganun Birtaniya da Amurka da Ostireliya. Daga cikin abin da ya gano akwai biyu da za su amfane mu: jam'i ya fi yawa a magana fiye da a rubutu, kuma gwargwadon nisan kalma daga sunan, gwargwadon yadda marubuci ke zamewa zuwa jam'i.

Mu a Najeriya da Gana Turancin Birtaniya muka gada, shi ne kuma ma'aunin makarantunmu. Amma fina-finai da waya sun cika mana kunne da na Amurka. Ga kuma Hausar da ke aiki a ƙarƙashin ƙasa, tana raɗa wa marubuci "sun ce" alhali hannunsa ya riga ya rubuta *has*. Shi ya sa rubutunmu kan fito da ƙafa ɗaya a nan, ɗaya a can.

Ga abin da ke cikin rahoton ɗan yayata, na tsamo jimlolin da suka shafe mu:

*The committee has concluded their investigation. The committee, which are made up of seven members, was divided in their opinions on the borehole. The staffs of the school is demanding their arrears, and a staff was absent from the meeting. The number of pupils have increased. The police has been informed about the broken fence.*

Na ce ya ɗauko biro ya zagaye kowane suna tattarau, sannan ya bi sawunsa kamar mai bin sawun akuyar da ta ɓata, ya ja layi ƙarƙashin duk aikatau da wakilin sunan da ke komawa gare shi. Wannan shi ne rabin aikin. Yawancin mutane suna duba kalmar da ke manne da sunan ne kawai, su ga ta yi daidai, su wuce. Ɓarnar kuwa can gaba take.

Dubi jimlar farko. *Has* tilo ne, *their* jam'i ne, tsakaninsu kalma ɗaya tak. Kwamitin ya fara jimlar yana abu guda, kafin a kai ƙarshenta ya tarwatse ya zama mutane. A Hausa kamar ka ce "kwamiti ya kammala bincikensu", sai mai sauraro ya tambaye ka binciken su wa. Ga inda shugaban makaranta da mataimakinsa suka yi ta zagaye ba su taɓa ainihin ciwon ba. Shugaban da ya sa *have* ya daidaita jimlar da *their*, amma ya bar sauran rahoton cike da *was* da *is*. Mataimakin da ya mayar da *has* ya daidaita ta da sauran rahoton, amma ya bar *their* a zaune. Gyara biyu ne ke karɓuwa: ko *has concluded its investigation*, ko *have concluded their investigation*. A magana ta fatar baki Turawa da kansu suna haɗa *has* da *their* kullum, ba wanda ke kula. A takardar da za a sa wa hannu da hatimi kuwa, edita ba ya bari.

Wanne za a zaɓa? Ni a rahoto da wasiƙar ofis tilo nake zaɓa, kuma shi nake ba kowa shawara. Dalilina shi ne kwamiti idan ya miƙa rahoto da murya ɗaya yake magana, ko da an yi ta cacar baki kafin a kai ga matsaya. Ƙari a kan haka, tilo ba ya ɓata wa kowa rai: Ba'amurke zai karɓa, ɗan Birtaniya ma zai karɓa. Jam'i kuwa ɓangare ɗaya ne kawai ke maraba da shi. Ko BBC, da take gidan Birtaniya, ƙa'idar rubutun labaranta ita ce a ɗauki gwamnati da kamfani da hukuma a matsayin tilo.

Jimla ta biyu ta fi daɗin warwara, domin ta nuna iyakar wannan 'yanci. Ba ko da yaushe zaɓi ke hannun marubuci ba. Wani lokaci ma'anar aikatau ce ke yanke hukunci. A ce kwamiti ya ƙunshi mutum bakwai. Wane ne ya ƙunshi mutum bakwai? Ba Malam wane ba, ba Hajiya wance ba. Babu ɗaya daga cikin mambobin da ya ƙunshi mutum bakwai, kwamitin ne a dunƙule. Saboda haka *is made up of* ne kawai zai shiga, har a Landan. Haka abin yake idan aka ce an kafa kwamiti, ko an rushe shi, ko an faɗaɗa shi: *was set up*, *was dissolved*. In ka rubuta *were dissolved*, ka narkar da bayin Allah ne kamar sukari a shayi. Akwai misalin da nake ba ɗalibai don ya zauna musu: *my family is big* na nufin gidanmu muna da yawa, *my family are big* kuwa na nufin mu ƙattai ne.

A ɗaya gefen kuma akwai ayyukan da abu ɗaya ba ya iya yi shi kaɗai. Saɓani sai da mutum biyu aƙalla. Idan mambobi sun yi ta jayayya a tsakaninsu, ko kowa ya koma gidansa, ko kowa ya sa hannu a takarda, to maganar mutane ake yi, kuma jam'i ne ya dace: *the committee were divided in their opinions*. Kalmar *opinions* ma da kanta shaida ce, domin ra'ayoyi ne da yawa, kowa da nasa. Ana iya cewa *the committee was divided* a tsaya nan, ba laifi, kamar yadda ake cewa kan kwamiti ya rabu. Amma da zarar an kawo *their opinions* ko *among themselves*, tilo ya rasa wurin zama.

Sai ɗan yayata ya ce, "To Kawu, yanzu jimla ɗaya tana son *is* a farko, tana son *were* a ƙarshe. Yaya zan yi da ita?"

Na ce ya raba ta biyu, ya kuma kira mutanen da sunansu. Wannan ita ce dabarar da ta fi kowace amfani a wannan babi, kuma editocin Amurka da ita suke tsira: idan ma'ana ta nemi jam'i, sai a sako kalmar *members*. Da ka rubuta *members of the committee were divided*, gardama ta ƙare, domin yanzu aikau ɗin jam'i ne a siffa da ma'ana duka. Ba mai ja maka layi.

Akwai wata ƙaramar alama a jimlar da ya kamata a lura da ita. *Which* na abu ne, *who* na mutane. Saboda haka *which* tana tafiya da tilo, *who* tana tafiya da jam'i: *the committee, which has met twice*, ko kuwa *the committee, who have met twice*. Haɗa *which* da *are* kamar sanya hula ne a kan ɗankwali. Haka kuma duk yadda ka so jam'i, ba ka cewa *these committee*. Kalmar nuni tana bin siffa ne kawai, *this committee* za ka ce ko da *are* na biye.

Yanzu sai *staff*, wadda ita ce ta fi cin mutuncin takardun ofisoshinmu. Kusan kowace sanarwa da ke manne a allon ma'aikata za ka tarar da ita a gurguje. Tushen matsalar a ganina fassara ce. Muna da ma'aikaci, muna da ma'aikata, sai muka ɗauka *staff* ita ce ma'aikaci, *staffs* kuma ma'aikata. Ba haka ba ne. *Staff* ita ce ma'aikatan gaba ɗayansu. Mutum ɗaya ba ya zama *a staff*, kamar yadda mutum ɗaya ba ya zama jama'a. Ɗan Birtaniya zai ce *a member of staff*, Ba'amurke ya ce *a staff member*. Na san *he is a staff of the ministry* ta zauna daram a Turancin Najeriya, kowa na faɗa, kowa na ganewa, ni ma ba na hana kowa faɗarta a hira. Amma mai duba jarrabawa ba ya karɓa, kuma wanda zai karanta takardar neman aikinka a wata ƙasa zai yi tuntuɓe da ita. Ita kuwa *staffs* tana nan a harshen, sai dai aikinta kaɗan ne: ana amfani da ita idan ana maganar rukunin ma'aikata fiye da ɗaya, misali na asibitoci biyu daban-daban. Makaranta ɗaya *staff* ɗaya gare ta, ko malamanta sun kai ɗari.

Wajen aikatau kuma *staff* ta bambanta da *committee*. A Turancin Birtaniya jam'i ne ya rinjaya ƙwarai: *the staff are demanding their arrears*. Har ana sa mata lamba kai tsaye, a ce *twenty staff*, abin da ba a yi wa *committee* ko *team*. Amurkawa kan ce *the staff is*. Tunda albashin da ake bi na mutane ne, kowa da nasa bashin, na ce wa ɗan yayata ya rubuta *are*. Sai ya kama ni: ba yanzu na ce ya riƙe tilo ba? Na ce ƙa'idar tsayawa kan zaɓi ɗaya ta kowace kalma ce a karan kanta. Kwamiti ya zauna a tilo daga shafin farko zuwa na ƙarshe, ma'aikata su zauna a jam'i daga farko zuwa ƙarshe. Abin da ba a so shi ne kalma ɗaya ta riƙa sauya riga a tsakiyar hanya ba dalili.

*Police* ba ta da wahala ga Bahaushe in ya yarda da harshensa. Muna cewa 'yan sanda sun zo, Turanci ma haka: *the police have been informed*, a Birtaniya da Amurka duka. Babu zaɓi a nan. Haka *cattle* take, daidai da shanu, haka ma *people*. In kana son tilo sai ka ambaci rundunar, ka ce *the police force has*, ko ka ambaci jami'i ɗaya. Jaridunmu suna yawan rubuta *police has arrested*, yawan ganinta kuma bai mayar da ita daidai ba.

Saura jimlar ɗalibai. *The number of pupils have increased* kuskure ne irin na maƙwabtaka: aikatau ya ga *pupils* a kusa da shi sai ya bi ta, alhali ba yaran ne suka ƙaru ɗaya-ɗaya ba, adadinsu ne ya ƙaru. *The number* tilo ce, *has increased* za a ce. Amma 'yar'uwarta *a number of* ma'anarta "da dama", ita kuwa jam'i take ɗauka: *a number of parents have complained*. Irin wannan jan da maƙwabci ke yi shi ne ke faruwa a jimla kamar *a team of doctors*, inda *doctors* ke zaune a bakin ƙofar aikatau. Hanyar ganewa ita ce ka rufe abin da ke tsakani da yatsa, daga *of* zuwa aikatau, ka karanta abin da ya rage. In ka ga zaɓinka ya tsaya da ƙafarsa ba tare da maƙwabcin ba, to da niyya ka yi shi. In ya faɗi, jan ka aka yi.

Da muka gama, sakin layin ya koma haka:

*The committee, which is made up of seven members, has concluded its investigation. Members were divided in their opinions on the borehole. The staff of the school are demanding their arrears, and one member of staff was absent from the meeting. The number of pupils has increased. The police have been informed about the broken fence.*

Babu *team* a rahoton, amma da yake yaron mai son ƙwallo ne, shi ya tayar da maganar. Ya ce kullum yana jin masu sharhin gasar Ingila suna cewa *Arsenal are*, ya ɗauka sakacin baki ne na masu magana da sauri. Ba sakaci ba ne. A Birtaniya ƙungiyar wasa jam'i ce kusan ba togiya, har a rubuce, kuma BBC ɗin da ta ce gwamnati tilo ce ita ce ta ware ƙungiyoyin wasa ta ba su jam'i. Abin ya kai har ga sunan ƙasa. Lokacin da Najeriya ta doke Burkina Faso da ci ɗaya da nema a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Johannesburg a 2013, marubucin wasanni na Landan *Nigeria are champions* zai rubuta, domin 'yan wasa goma sha ɗaya yake nufi. Shi ɗin dai in ya koma shafin siyasa *Nigeria is* zai rubuta, domin yanzu ƙasar yake nufi. Ba'amurke kuwa *is* zai sa a duka biyun. Inda suka haɗu shi ne sunan da ya riga ya zo da siffar jam'i: Super Eagles da Kano Pillars *are* suke ɗauka a ko'ina. A ofis kuma, inda ake da tawagar bincike ko ta tallace-tallace, *team* tana bin hukuncin *committee* ne: tilo in ana maganar kafa ta ko sakamakon da ta miƙa, jam'i ko *members* in ana maganar abin da kowa ya yi.

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko da Faransanci su wannan jam'in ne ke ba su mamaki idan sun zo koyon Turanci, domin a Faransanci kwamiti da ƙungiya, har ma da 'yan sanda, duk tilo suke ɗauka. Kuskurensu ya fi yawa a *police*, namu ya fi yawa a *staff*.

Ɗalibin da ke shirin WAEC ko NECO ko JAMB zai ce duk wannan ya ji, amma a jarrabawa amsa ɗaya ake zaɓa. Gaskiya ne. Sai dai mai tsara tambaya ya san amsoshi biyu na iya karɓuwa, don haka in ya iya aikinsa yakan ajiye alama a cikin jimlar. Karanta ta har ƙarshe kafin ka dubi zaɓin. In ka ga *its* ko *itself* ko *which*, tilo ake nema. In ka ga *their* ko *themselves* ko *who*, ko aikin da ke nuna saɓani da rarrabuwa, jam'i ake nema. In babu ko ɗaya, kuma kalmar ba *police* ko *cattle* ko *people* ba ce, tilo ya fi aminci. Yawancin masu faɗuwa a irin wannan tambaya ba rashin sanin ƙa'ida ke kayar da su ba, gaggawa ce: sun ga *committee* sun cike *has*, ba su kai ga *their* da ke jiransu a ƙarshen layi ba.

Mai dogon rubutu kuwa, kamar kundin digiri ko rahoton shekara, kada ya dogara da jan layin da kwamfuta ke yi. Galibi jimla ɗaya take dubawa a lokaci guda, ba ta tuna cewa a shafi na uku ka ce *the board has*, a shafi na goma sha biyu kuma ka ce *the board have*. Kowace a karan kanta daidai ce, haɗuwarsu a takarda ɗaya ce aibin. Abin da nake yi shi ne in danna Ctrl+F, in rubuta kalmar, in bi ta wuri-wuri har ƙarshe. Ba na tsayawa a jimlar da take ciki, ina karanta wadda ke biye ma, domin a nan *they* ke laɓewa. A kowane wuri ina cire sunan a zuciyata in sa *it*, in sake sa *they*, in ji wanne ya zauna da abin da ake faɗa. Rahoto mai shafi ashirin ba ya cin fiye da rabin awa a wannan aiki.

Ɗan yayata ya buga rahoton a karo na uku ya kai. Shugaban makaranta ya sa hannu, mataimakinsa ma bai ce komai ba. Bayan mako biyu sai ga saƙonsa a waya, ya ɗauki hoton wata sanarwa da aka manna a ƙofar ofishinsu, wadda ta fara da *All staffs is hereby informed*. Ya tambaye ni ko ya je ya gaya musu. Na ce ya fara bincika wanda ya rubuta. In mataimakin shugaba ne, ya same shi shi kaɗai a ofis, kada ya gyara masa a gaban malamai.